Datse kalma ko mayar da ita ga ƙamus: wace hanya ta dace da jerin kalmominka?

Wanda ya tara saƙonnin da manoma da makiyaya suke aiko wa shirin noma a wani gidan rediyo na Garwa a Kamaru, ya ce bari ya ƙirga abin da aka fi tambaya a kai, zai ci karo da matsala tun a shafin farko. Kwamfuta tana ɗaukar *gona* da *gonar* da *gonaki* da *gonakinmu* a matsayin kalmomi huɗu da babu abin da ya haɗa su. A saƙonnin Faransanci ma haka take yi da `vaccin` da `vaccins` da `vacciner`. Sai ƙirgar ta watse, maganar da mutum ɗari suka yi ta fito kamar mutum ashirin ne suka yi ta sau biyar daban-daban. Maganin abin shi ne a rage jerin, kowace kalma ta koma ga sifa guda wadda za ta wakilci 'yan'uwanta.

Hanya biyu aka sani. Ta farko ita ce datsewa, wadda za ka gani a manhaja da sunan `stem`: ana yanke ƙarshen kalma bisa wasu ƙa'idoji, abin da ya rage shi ne kututturen, ko da ba kalma ba ce. Ta biyu ita ce mayarwa ga ƙamus, wadda ake kira `lemmatize` a manhaja: ana neman sifar da za ka tarar a kan layi in ka buɗe ƙamus, wato tilo ga suna, sifar asali ga aikatau. Mu da muke aiki da Hausa akwai hanya ta uku da dole ta shigo cikin lissafi, wato teburin da mutum zai rubuta da hannunsa.

Abin da za a auna

Kafin kuɗi da lokaci, tambaya ta farko ita ce wa zai karanta sakamakon. In na'ura ce za ta yi amfani da shi a ɓoye, kamar akwatin nema, babu laifi kututture ya fito da muni. In kuwa shugaban shirin ne zai karanta jerin a takarda, dole kowane layi ya zama kalmar da ɗan Adam ya sani.

Ta biyu, me ke hannunka: jimloli cikakku ne, ko kalmomi ne tsirara, ɗaya a kowane layi? Mutane da yawa ba sa yin wannan tambayar, alhali ita ce take yanke rabin hukunci, kamar yadda za a gani a gaba.

Sauran su ne harshen saƙonnin, da tsada (manhajojin kyauta ne, amma data da wuta da lokacin mutum ba kyauta ba ne), da sauƙin ɗorawa a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi, da ɗorewa, sai kuma irin kuskuren da hanyar take yi. Kuskuren iri biyu ne. Akwai haɗa kalmomin da ba dangi ba, akwai kuma barin dangi a rarrabe. Kowace hanya tana da wanda ta fi faɗawa ciki, kuma ba kowane aiki ne yake jure su daidai ba.

Datsewa

Hanyar ta tsufa. Julie Beth Lovins ta wallafa tata a 1968 da jerin ƙarshen kalmomin Ingilishi 294. Martin Porter ya fitar da tasa a 1980, ita ce ta fi yaɗuwa, daga baya kuma ya kafa `Snowball`, wanda a cikinsa aka rubuta ƙa'idojin harsuna da dama, har da Faransanci da Larabci. Babu ƙamus a ciki. Ƙa'idoji ne kawai irin su: in kalma ta ƙare da kaza, kuma abin da zai rage bai yi gajarta ba, a cire.

Ga yadda ake gwada ta a `Python` bayan an ɗora `nltk`, wata manhajar sarrafa harshe:

```python
from nltk.stem.snowball import SnowballStemmer
s = SnowballStemmer("french")
for k in ["vaccin", "vacciner", "vaccination", "marché", "marcher"]:
    print(k, s.stem(k))
```

Kalmomi ukun farko duk suna komawa `vaccin`. Wannan shi ne wurin da datsewa take haskawa. Makiyayin da ya tambayi ranar allurar shanu, da wanda ya tambayi kuɗin maganin, da wanda ya ce an riga an yi wa nasa, duk maganar rigakafi suke yi, kuma datsewa ta tara su wuri ɗaya ba tare da ta san me kalmar take nufi ba. Haka `malade` da `malades` da `maladie` suke haɗuwa a `malad`, `achète` da `acheter` a `achet`.

Biyun ƙarshe kuwa su ne abin tsoro. `marché` kasuwa ce, `marcher` tafiya ce ko aiki (kamar a ce famfo ba ya aiki), amma duka biyu suna zama `march`. In ka ƙirga `march` ka kai wa shugaba rahoton cewa masu sauraro sun damu da kasuwa, wataƙila kashi mai yawa cikinsu ƙorafin injin ban ruwa suke yi. Haka `port` da `porte` da `porter`, wato tashar jirgin ruwa da ƙofa da ɗaukar kaya, suke cakuɗewa a `port`.

Ɗaya kuskuren ma yana nan, kuma ya fi ɓuya. Ƙa'idar da take mayar da `chevaux` zuwa `cheval` daidai, ita ce take mayar da `travaux` zuwa `traval`, alhali `travail` yana nan yadda yake, `travailler` kuma ya zama `travaill`. Kalma guda mai nufin aiki ta rabu gida uku. Aikatau na sayarwa, wanda shi ne zuciyar saƙonnin manoman auduga da albasa, ya fi wannan muni: `vendre` ya zama `vendr`, `vendu` bai canza ba, `vendons` ya zama `vendon`. Ba a maganar `vais` da `allons` da `irai`, sifofin aikatau guda waɗanda babu kututturen da ya haɗa su ballantana a datse su su haɗu.

Ta fuskar tsada babu abin da ya kai ta araha. Da zarar an sauke `nltk` ba a ƙara buƙatar intanet, tsohuwar kwamfuta ma tana gama dubban kalmomi kafin ka ɗaga kai, ko da a kan batir ne bayan an ɗauke wuta. Kalmar da ba ta taɓa gani ba ba ta dame ta ba, kuskuren rubutu ma sau da yawa yana wucewa. Tana kuma ɗorewa, domin kalma guda kullum kututture guda take bayarwa, sai dai in an sabunta manhajar an taɓa ƙa'idojin. In hakan ta faru a sake datse jerin gaba ɗaya, kada a haɗa tsohon sakamako da sabo.

Mayarwa ga ƙamus

Wannan hanyar tana buƙatar abu biyu: jerin kalmomin harshen da sifofinsu, da kuma sanin ajin kalmar a inda ta fito, suna ce ko aikatau ko sifa. Ga Faransanci abin da ya fi sauƙin samu shi ne manhajar `spaCy` da ƙaramin samfurinta, wato fayil ɗin da aka horar ya gane ajin kalmomi.

```python
import spacy
nlp = spacy.load("fr_core_news_sm")
for t in nlp("Nous avions vendu les chevaux au marché."):
    print(t.text, t.pos_, t.lemma_)
```

Abin da ake nema ya fito daga wannan jimla shi ne `avoir`, `vendre`, `cheval`, `marché`. Duk kalmomi ne na gaske, kasuwa ta tsaya a kasuwa, sayarwa ta haɗu da 'yan'uwanta. Za ka iya buga jerin ka miƙa wa kowa ya karanta.

To amma dubi `avions`. A wannan jimlar aikatau ne, domin `nous` ya gabace shi. A wata jimlar jiragen sama ne. Manhajar tana bambancewa ne ta hanyar duba maƙwabtan kalmar. In ka riga ka farfasa saƙonnin, ka zubar da jimlolin, ka bar jerin kalmomi tsirara, ka kashe mata ido ke nan. Za ta ci gaba da ba da amsa, ba za ta yi ƙorafi ba, amma canka take yi. Haka `est` (gabas ko "ne"), `été` (lokacin zafi ko "kasance"), `fils` (ɗa ko zaruruwa). Saboda haka tsarin aikin yana da muhimmanci: a mayar da kalmomi ga ƙamus tun suna cikin jimlolinsu, sannan a ƙirga. Wanda ya ƙirga tukuna, ya cire maimaici, sannan ya kawo jerin, ya biya tsadar hanyar amma bai samu amfaninta ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi so mai karatu ya kauce masa.

A Ingilishi abin ya fi fitowa fili. `WordNetLemmatizer` na `nltk`, wanda ya dogara da taskar `WordNet` ta Jami'ar Princeton, yana ɗaukar kowace kalma a matsayin suna in ba ka faɗa masa ajinta ba. Ka ba shi `running` zai dawo maka da `running`. Sai ka ƙara `pos="v"` sannan ya ba ka `run`. Ka ba shi `was` haka kawai, ya ba ka `wa`. Ɗalibai da yawa suna gudanar da shi a kan jerinsu, su ga babu wani canji sai a jam'i, su ɗauka hanyar ce ba ta da amfani.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman. An horar da samfurin Faransancin nan ne da rubutu mai tsabta, mai manyan haruffa da aya da alamomin saman wasali. Saƙon waya daga Pitowa ko Gidar ba haka yake zuwa ba. Mutum zai rubuta `marche` yana nufin `marché`, ya taƙaita kalmomi, ya sa Fulatanci a tsakiya. A nan bambancin da ka biya domin ka samu ya ɓace tun daga yatsan mai rubutu, kuma abin mamaki datsewa ce take tsira, tunda ita da alama da babu alama duk `march` ne a wurinta. Sannan kada ka manta mayarwa ga ƙamus ba ta haɗa `vaccin` da `vacciner` da `vaccination`. Uku ne a ƙamus, uku za su zauna. Daidai ne a nahawu, amma ga mai nema rashi ne.

Tsadarta matsakaiciya ce. Ƙaramin samfurin bai kai megabait 20 ba, sai dai `spaCy` da abubuwan da yake jawowa sun fi haka nauyi, don haka a sauke su a inda intanet yake da ƙarfi. Ya fi datsewa jinkiri sosai, amma ga saƙonni 'yan dubbai ba abin damuwa ba ne. Wajen ɗorewa ne ake yin hattara: samfurin yana tafiya da zubin manhajar da aka yi shi dominsa, kuma sabon samfuri yana iya ba da amsa daban a jimla guda. Ka rubuta lambar zubin da ka yi aiki da shi a gefen sakamakon.

Da aka zo kan Hausa

`Snowball` ba shi da Hausa, `spaCy` ma ba shi da horarren samfurinta a jerinsa. Jarabar da take zuwa wa mutum ita ce ya zuba duk saƙonnin a madatsar Faransanci, tunda a cakuɗe suke. Kada ka yi. *Mutane* za ta zama `mutan`, *gida* ta zama `gid`, *gidaje* ta zama `gidaj`, *mota* kuwa ta zama `mot`, ta je ta haɗu da `mots` na Faransanci. Raba saƙonnin bisa harshe shi ne matakin farko, ko da da hannu ne.

To me zai hana mutum ya rubuta wa Hausa ƙa'idojin datsewa na kansa? Masu bincike a jami'o'i sun gwada, kuma ana samun wani abu. Amma ginin kalmar Hausa ba ya ba da haɗin kai yadda na Ingilishi yake bayarwa. Jam'inmu ba ɗafa-ƙeya guda ba ce. Wani a ciki ake sauya shi, kamar *jirgi* da *jirage*, *doki* da *dawaki*. Wani ninki ne, kamar *gari* da *garuruwa*, *littafi* da *littattafai*. Wani baƙin ƙarshe ne yake ganɗancewa: *mota* da *motoci*, *ƙasa* da *ƙasashe*, *kaza* da *kaji*. Wani kuwa sai dai a haddace shi, domin babu ƙa'idar yanka da za ta kai *shanu* ga *saniya*, ko *awaki* ga *akuya*, ko *mata* ga *mace*. Kuma waɗannan su ne kalmomin da suka cika saƙonnin makiyaya. Wanda yake jin Fulatanci ya san can ma abin ya fi haka, tunda farkon kalmar ne yake juyawa: *gorko* da *worɓe*, *debbo* da *rewɓe*.

Aikatau ya fi haɗari. Tun 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatan Hausa a giredi bakwai, kuma wasalin ƙarshe da ake son datsewa shi ne yake ɗauke da ma'anar. *Saya*, *sayi*, *saye*, *sayo*, *sayar*: in aka datse su duka suka zama `say`, mai neman taki ya saya da mai neman inda zai sayar da masara sun zama mutum ɗaya. A rahoton shirin noma babu kuskuren da ya fi wannan.

Abin da yake aiki shi ne tebur mai shafi biyu, kalma da asalinta, tare da ƙa'ida ƙarama guda ta cire nasaba da mallaka, wadda ba ta yanka sai ta tabbatar abin da zai rage yana cikin teburin.

```python
G = ("nsa", "nta", "nsu", "nmu", "rsa", "rta", "rsu", "rmu", "n", "r")
tebur = {"gona": "gona", "gonaki": "gona", "shanu": "saniya", "mota": "mota"}
def asali(k):
    if k in tebur:
        return tebur[k]
    for g in G:
        if k.endswith(g) and k[:-len(g)] in tebur:
            return tebur[k[:-len(g)]]
    return k
```

Bi ta da misali. An ba ta *gonakinmu*. Ba ta cikin tebur, sai ta cire *nmu*, ta tarar da *gonaki*, teburin ya ce asalinta *gona*. An ba ta *shanun*, ta cire *n*, ta tarar da *shanu*, ta ba da *saniya*. An ba ta *motan*, yadda da yawa suke rubutawa a nan maimakon *motar*, ta kai ta ga *mota* ba gardama. Layi biyu na tebur sun ɗauke sifofi fiye da goma.

Duba teburin kafin yanka shi ne sirrin abin, kuma ga dalili. *Sayar* ta ƙare da *r*. In ba ta da layinta, za a yanke ta ta koma *saya*. *Biyar* za ta koma *biya*, *kamar* ta koma *kama*, *sun* ta koma *su*. Dole waɗannan su shiga tebur tun ranar farko, kowace tana nuna kanta. Sai kuma kalmomin da suka ƙare da *ai*, waɗanda suke zubar da *i* in nasaba ta hau su: *littattafai* ta zama *littattafan*, *mai* ya zama *man*, *kai* ya zama *kan*. Cire *n* kaɗai ba zai maido su ba. Dogayen a ƙara musu ƙa'idar gwada mayar da *i*, gajerun kuwa a rubuta su da hannu. Ban sa *na* da *ta* na mallaka a jerin ba da gangan, domin *gona* da *rana* da *mata* da *wata* duk da su suka ƙare, kuma ribar ba ta kai haɗarin ba sai teburin ya girma.

Abin da tebur ba zai iya ba shi ne abin da rubutunmu ya ɓoye. Ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, don haka *gari* na zama da *gari* na tuwo sifa ɗaya ne, *fari* na launi da *fari* na rashin ruwa haka, *mata* na jam'i da *mata* ta "ya ce mata" haka. A saƙonnin manoma *fari* kalma ce mai nauyi. Irin waɗannan a ware su a ɗan jeri, a koma ga jimlolinsu a karanta da ido.

Tsadar tebur lokacin mutum ce. Ba a fara shi daga harafin A na ƙamus. Ana jera kalmomin saƙonnin ne bisa yawan fitowarsu, a fara daga sama, domin kalmomi ƙalilan ne suke ɗauke da mafi yawan kowane rubutu. A ce mutum yana duba kalma 150 a awa, to kalma 1,500 aikin awa 10 ne. In an yi shakkar asalin wata kalma, ƙamusun Bargery na 1934 yana ba da jam'i a gefen tilo. Wajen ɗorewa kuwa tebur ya fi sauran biyun, domin fayil ne kawai, ba ya tsufa da sabunta manhaja, kuma kowane sabon zubin saƙonni ƙara masa ƙarfi yake yi.

Abu ɗaya yake kashe shi, wato haruffa masu lanƙwasa. A ajiye fayil ɗin a `UTF-8`, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya. A kuma guji dabarar nan da ake kwafowa domin share alamomin Faransanci, mai ƙarewa da `encode("ascii", "ignore")`. Tana mayar da `é` zuwa `e` lafiya lau, amma ƙ ba ta da abin da za a ɓare mata, sai a share ta ɗungurungum: *ƙasa* ta zama *asa*, *ɗan* ya zama *an*. Masu aiko saƙo kuma yawanci *kasa* da *kudi* suke rubutawa, don haka *kudi* ta samu layinta mai nuna *kuɗi*, *kasa* kuwa ta shiga jerin masu fuska biyu.

| Ma'auni | Datsewa | Mayarwa ga ƙamus | Tebur na hannu |
|---|---|---|---|
| Abin da ke fitowa | kututture, sau da yawa ba kalma ba | kalmar ƙamus | kalmar da ka zaɓa |
| Buƙatar jimla | babu | akwai | babu |
| Faransanci da Ingilishi | akwai a shirye | akwai a shirye | ba a buƙata |
| Hausa da Fulatanci | babu a `Snowball` | babu a `spaCy` | ita ce mafita |
| Tsada | kusan babu | data da ɗan ƙarfin kwamfuta | awoyin mutum |
| Rubutun waya maras tsabta | tana jurewa | tana rikicewa | sai an ƙara layuka |
| Babban haɗari | haɗa waɗanda ba dangi ba | canka ajin kalma a ɓoye | kalmar da ba ta cikin tebur |
| Ɗorewa | mai kyau | ta danganta da zubin samfuri | mafi kyau |

Yadda za ka gane ta ɓaci

Ko wace ka zaɓa, kada ka share kalmar asali. Ka ajiye shafi uku: kalmar yadda aka rubuto ta, abin da ta koma, da yawan fitowarta. Sannan ka tara su rukuni-rukuni, kowane sakamako da kalmomin da suka faɗa cikinsa, ka karanta rukunai hamsin mafi girma. Haɗa waɗanda ba dangi ba a nan yake bayyana, domin idonka zai faɗa kan `marché` zaune kusa da `marcher`. Ɗaya kuskuren kuwa sai ka jera sakamakon bisa haruffa ka bi shi a hankali. In ka ga `travail` da `travaill` da `traval` a jere, ka san dangi ne suka rabu. Ga mayarwa ga ƙamus, tsamo jimla ɗari ba tare da zaɓe ba, ka duba ajin da aka ba kowace kalma, domin kuskuren daga ajin yake farawa. Ga tebur, ka sa manhajar ta fitar da duk kalmar da ta dawo ba a same ta ba, bisa yawa. Wannan jerin shi ne aikinka na gobe.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

In akwatin nema kake ginawa a kan takardun Faransanci ko Ingilishi, kamar ma'ajiyar rahotannin wata ƙungiya a Marwa, ɗauki datsewa. Babu wanda zai ga kututturen, kuma gara a fito wa mai nema da takarda ɗaya da ba ta dace ba a kan a ɓoye masa wadda yake nema. Ka tabbata dai madatsa ɗaya ce take datse takardun da kuma abin da aka rubuta a akwatin.

In ɗalibi ne kai a Ngaundare kana ƙirga kalmomin jarida ko jawabai domin kundin digiri, mayarwa ga ƙamus ce taka, a kan jimloli cikakku, kafin ƙirga. Malamin da zai duba aikin ba zai karɓi `vendr` a tebur ba, kuma yana da gaskiya.

In kuwa jerin kalmomin Faransanci tsirara aka miƙo maka, jimlolin sun riga sun ɓata, kada ka wahalar da kanka da samfuri. Datse su, ka tara su rukuni, ka sa wa kowane rukuni sunan kalmar da ta fi yawa a cikinsa, sannan ka raba irin su `march` da `port` da hannu.

Mai aiki da Larabci a Njamena ko Kuseri ya lura da abu biyu. `ISRIStemmer` na `nltk` yana ƙoƙarin kai kalma ga saiwarta ne, sai littafi da marubuci da ofis su haɗu a baƙaƙe uku. Ga nema a takardun hukuma, madatsar `Snowball` mai sassauci ta fi aminci. Kuma duka biyun domin daidaitaccen Larabci aka yi su. Larabcin Cadi da ake rubutawa da boko a waya hukuncinsa ɗaya da Hausa, sai tebur.

Shirin rediyon nan mai saƙonni a cakuɗe kuwa hanya biyu zai haɗa. A raba harsunan tukuna. Ɓangaren Faransanci a datse shi, tunda rubutun waya ne, a gyara rukunan sama da hannu. Ɓangaren Hausa a fara masa tebur daga kalmomi 300 mafi yawa, *saya* da *sayar* kowace da layinta, *fari* da *gari* da *kasa* kuma a jerin waɗanda za a koma wa jimlolinsu.